Na tura kuɗin makaranta ta wurin mai POS, bursa ya ce bai gani ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni a Katsina nake. Ranar Litinin 15 ga Satumba na je wurin mai POS a Ƙofar Ƙaura, na ba shi katina ya cire naira 85,000 ya tura asusun makarantar 'ya'yana biyu, na babban 48,000, na ƙanwarsa 37,000. Makarantar kuɗi ce. Yau sati biyu ke nan, an ba yaran takardar bashi, bursa ya ce bai ga kuɗi da sunana ba, wai in rubuto a takarda. Ina da 'yar takardar POS da alat. Me zan rubuta, me kuma zan haɗa da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗauki biro, ka san abin da bursa ke kallo a kan teburinsa, domin shi ne zai nuna maka abin da ya kamata wasiƙar ta ƙunsa. Abu biyu ne a gabansa. Akwai takardar banki, wadda ma'aikata ke kira sitetimen, mai jera duk kuɗin da ya shiga asusun makaranta layi bayan layi, kowane layi da rana da adadi da sunan wanda ya turo. Akwai kuma littafin makaranta, ko a takarda ko a kwamfuta, inda kowane ɗalibi ke da shafinsa: abin da ake binsa a gefe ɗaya, abin da ya biya a ɗaya gefen. Banki ba ya sanin ɗalibi. Shigar kuɗi asusun makaranta ba ya taɓa shafin yaro sai wani mutum ya zauna ya ce wannan layin na wannan yaron ne, ya rubuta, ya yanka rasit. To wasiƙarka aikinta ɗaya ne: ta kama hannun bursa ta ɗora shi a kan layin kuɗinka a sitetimen, sannan ta faɗa masa shafin da zai kai su. Duk jimlar da ba ta taimaka wa wannan ba, ko ta ƙorafi ce ko ta rantsuwa, nauyi kawai take ƙara wa takardar.

Kuma gaskiya ya faɗa maka da ya ce babu sunanka. Abin da ya faru a rumfar mai POS ciniki biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko, an cire kuɗi daga katinka sun shiga asusun mai POS. Na biyu, mai POS ya yi tiransifa daga nasa asusun zuwa na makaranta. Alat ɗin da ke wayarka shaidar na farko ne kaɗai: yana nuna kuɗi sun bar ka, ba ya nuna inda suka sauka daga baya. A sitetimen ɗin makaranta, sunan da zai fito shi ne na mai POS, ko sunan kasuwancin da ya yi rajista da shi, ko ma sunan ubangidansa in yaron shago ne. Ga kuma matsala ta biyu: bursa yana neman 48,000 ko 37,000, domin su ne kuɗin ajujuwa, ya saba da ganinsu. Adadin 85,000 bai yi daidai da kuɗin kowane aji ba, don haka ko idonsa ya bi ta kai ba zai danganta shi da kowa ba. A satin komawa makaranta, da iyaye da yawa ke biya ta hannun masu POS ɗin unguwa guda, irin waɗannan kuɗi sukan taru a wani shafi na daban, na kuɗin da ba a san mai su ba. Galibi can naka suke zaune.

Saboda haka matakin farko ba ofishin bursa ba ne, rumfar mai POS ce. Ɗauko 'yar takardar da ke hannunka ka duba ta da kyau. In ka ga `RRN` da `STAN` da wasu lambobin katinka da aka rufe tsakiyarsu da taurari, amma babu sunan makaranta a ko'ina, to takardar cire kuɗi ce, ba ta turawa ba. Ba ta da amfani ga bursa ita kaɗai. Wadda kake buƙata ita ce mai ɗauke da sunan wanda aka tura wa, wato inda aka rubuta `Beneficiary`, da bankinsa, da lambar asusunsa mai lamba 10, da kalmar `Successful`, da kuma `Session ID`. In ba ita aka ba ka ba, koma ka roƙi mai POS ya buɗe tarihin cinikinsa na ranar 15 ga wata, ya nemo tiransifar, ya sake buga maka ita ko ya turo maka ta waya daga manhajarsa. Faɗa masa kusan lokacin da ka zo, misali bayan ƙarfe goma na safe, sai neman ya yi sauƙi. Kada ka jinkirta wannan. Masu POS kan sauya inji, su sauya wuri, yaron shago ya bar aiki. Ita ma takardar injin rubutunta na zafi ne, ba na tawada ba, yakan dushe in ta sha rana ko ta daɗe a aljihu, don haka yau ɗin nan ka yi mata fotokwafi, ka kuma ɗauke ta hoto.

Ita `Session ID` ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce zuciyar wasiƙar. Tiransifar nan take tsakanin bankuna biyu a Najeriya tana bi ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS mai haɗa bankunan ƙasar, kuma kowace turawa tana samun lamba 30 da ba ta maimaituwa. Lambar nan bankin mai turawa yana da ita, bankin mai karɓa ma yana da ita. Ga yadda take a tsare:

```
xxxxxx 250915104233 xxxxxxxxxxxx
```

Shida na farko lambar bankin ko kamfanin da ya tura ce. Goma sha biyu na tsakiya su ne shekara da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa, wato a wannan misalin 2025, wata na 9, ranar 15, ƙarfe 10 da minti 42 da daƙiƙa 33. Goma sha biyu na ƙarshe su ke bambanta ta da sauran. Amfanin sanin haka shi ne kai da kanka za ka iya gane ko rasit ɗin da aka ba ka na ranar da ka biya ne: in tsakiyar lambar ta nuna wata rana daban, wata tiransifar aka ɗauko maka. Ka ƙirga lambobin, su cika 30, ka kwafe su sau biyu kana dubawa. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya sa banki ya ce babu irin wannan ciniki. In kuwa asusun mai POS da na makaranta a banki ɗaya suke, kuɗin ba su fita waje ba, mai yiwuwa ba za ka ga `Session ID` ba. Sai ka ɗauki lambar da aka rubuta a gaban `Reference` ko `Transaction ID`, ita ce madadinta.

Yayin da kake gaban mai POS, duba adadin da ya tura a zahiri. Wasu sukan karɓi ladan aikinsu daban, wasu kuma su zare shi daga cikin kuɗin. In ya zare naira 500, abin da ya isa makaranta 84,500 ne, kuma duk binciken da za a yi da 85,000 ba zai kamo shi ba. A wasiƙa adadin da ya shiga asusun makaranta za ka rubuta, wanda ke kan rasit ɗin turawa, ba wanda ya fita daga katinka ba. In da giɓi, ka ambace shi da kanka, ka ce za ka cike. Hakan ya fi a gano shi daga baya a fara shakkar sauran bayananka.

Da zarar rasit ɗin ya zo hannunka da sunan makaranta a kai da `Successful`, sai ka zauna ka rubuta. Shafi ɗaya ya isa. In makarantar da Turanci take karɓar takardu, ka sa a juya maka, tsarin da lambobin ba sa canzawa. Makarantu da yawa a Katsina kuwa za su karɓa da Hausa ba tare da wata magana ba. Ga yadda zan so ta kasance, inda na sa ɗige-ɗige kai za ka cike, lokaci da ajujuwan da na sa kuma misali ne, ka sa naka:

(Adireshinka da lambar wayarka)
30 ga Satumba, 2025

Zuwa ga Bursa,
(Sunan makaranta), Katsina.

Malam,

ROƘON A SHIGAR DA NAIRA 85,000 A SHAFIN 'YA'YANA BIYU, KUƊIN ZANGO NA ƊAYA, SHEKARAR KARATU TA 2025/2026

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne ......, mahaifin ɗalibai biyu a wannan makaranta. Ina sanar da kai cewa na biya kuɗin makarantarsu ta hanyar tiransifa, amma har yau ba a shigar a shafinsu ba. Ga bayanin biyan:

Adadin da aka tura: naira 85,000 (dubu tamanin da biyar)
Rana da lokaci: Litinin 15 ga Satumba, 2025, ƙarfe 10:42 na safe
Sunan da zai fito a matsayin mai turawa: ...... (mai POS ne, ba sunana ba)
Banki ko kamfanin da aka turo daga gare shi: ......
Asusun makaranta da aka tura wa: banki ......, lamba ......, suna ......
Session ID: ......

Ina roƙon a raba kuɗin kamar haka: naira 48,000 ga ......, aji biyu na ƙaramar sakandare, lambar ɗalibi ......; naira 37,000 ga ......, aji huɗu na firamare, lambar ɗaliba ....... Duka biyun kuɗin zango na ɗaya ne.

Ina kuma roƙon a ba ni rasit ɗin makaranta na kowane yaro daban, a janye takardar bashin da aka ba su. In ba a sami kuɗin a sitetimen ba bayan an duba daga 15 zuwa 17 ga Satumba, ina roƙon a sanar da ni a rubuce kafin Juma'a 3 ga Oktoba, don in kai maganar banki. Na haɗa kwafin rasit ɗin turawa, da na takardar cire kuɗi daga katina, da na takardar bashin.

Na gode. Allah ya taimaka.

(Sa hannu, cikakken suna, lambar waya)
Kwafi: Shugaban makaranta

Yanzu bari in faɗa maka dalilin wasu layukan, don kada ka ga kamar ƙawa ce ka zubar da su.

Layin da ya fi kowane muhimmanci bayan `Session ID` shi ne na sunan mai turawa. Iyaye da yawa sukan rubuta "na tura", bursa ya ci gaba da neman sunan uba, alhali sunan da ke takardarsa na wani ne. Ka kwafe sunan yadda yake a rasit, harafi da harafi, ko da ka san ba haka ake kiran mutumin a unguwa ba. Haka abin yake in ƙaninka ne ya turo daga Kano, ko uwar yaran ta biya daga asusun da ke ɗauke da sunan mahaifinta. Sunan da banki ya buga shi ake nema.

Ambaton asusun makaranta da aka tura wa shi ma ba banza ba ne. Makaranta ɗaya kan iya samun asusu biyu ko uku: na firamare da na sakandare, ko na kuɗin makaranta da na littattafai da yunifom, ko wani tsoho da aka daina sanarwa amma ba a rufe ba. In yaranka suna ɓangare biyu, abu ne mai sauƙi kuɗin duka su faɗa asusun ɓangare ɗaya, bursa kuma ya yi ta duba ɗayan. In ka rubuta lambar, ya san wace takarda zai janyo.

Na sa a duba har kwana uku ne saboda ranar da ka biya da ranar da banki ya rubuta ba kullum suke daidaita ba. Wanda ya biya da dare, ko ranar Asabar da Lahadi, ko ranar hutu, a wasu bankunan yakan ga kuɗin a ƙarƙashin ranar aiki ta gaba. Naka na ranar Litinin ne, da wuya ya zame, amma faɗaɗa binciken ba ya cin komai.

Maganar rabo kuwa, kada ka bar ta ga bursa. In ba ka faɗa ba, zai iya zuba 85,000 gaba ɗaya a shafin babban, ya nuna rarar 37,000, ƙanwarsa kuma ta ci gaba da zama cikin masu bashi. Ko kuma, in akwai wani saura daga zangon da ya wuce, ya fara cike wancan, na bana ya zama bai cika ba, kai kuma ka ɗauka ba a shigar da kuɗinka ba ne. Shi ya sa zango da shekarar karatu suka fito tun a kanun wasiƙar. In ka san akwai tsohon bashi, ka ambace shi a jimla guda, ka ce ka san da shi, ga lokacin da za ka biya. Makaranta tana iya cewa ƙa'idarta ita ce a fara da tsohon, amma aƙalla za a yi maganar a fili. Lambar ɗalibi ita ma dole ce, wadda ke jikin katin sakamako ko tsohon rasit. A garinmu aji ɗaya kan iya ɗaukar yara biyu ko uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma kuɗin wani ya tafi shafin wani ta wannan hanya ba baƙon abu ba ne. Ka rubuta sunan yaro yadda yake a rajistar makaranta, ba sunan da ake kiransa a gida ba.

Akwai abin da na bari da gangan: ba na so ka rubuta kalma ko ɗaya da ke nuna wani ya ci kuɗin. Ba ka da shaidar haka, kuma takardar zargi takan sa mutum ya koma kare kansa maimakon ya buɗe sitetimen. Kada kuma ranka ya ɓaci in ya ƙi yanka rasit da ganin hoton da ke wayarka kawai. Rasit na jabu yana yawo, ana gyara adadi a hoto, ana kuma samun rasit ɗaya da iyaye biyu suka gabatar, musamman irin na POS da ba ya ɗauke da sunan uba. Bursa da ya yanka rasit bai ga kuɗin a banki ba, shi za a tuhuma ranar da aka zo binciken littafi. Wannan ne ma dalilin haɗa takardar cire kuɗi daga katinka: ita kaɗai ba ta nuna kuɗi sun isa makaranta, amma in aka ajiye ta kusa da rasit ɗin turawa, aka ga rana ɗaya, adadi ɗaya, mintuna kaɗan tsakani, ta nuna tiransifar mai POS ɗin taka ce, ba ta wani uban ba. In mai POS zai yarda ya rubuta a bayan kwafin cewa a madadinka ya tura, ya sa hannu da lambar wayarsa, ya ƙara ƙarfi ƙwarai.

Kwafi za ka bayar, asalin takardun su zauna a hannunka. Kada ka haɗa sitetimen ɗinka gaba ɗaya. In an nema, layin wannan cinikin kawai za ka nuna, ka rufe sauran. Babu wani dalili da zai sa ofishin makaranta ya nemi lambar sirrin katinka, ko BVN, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo. Duk wanda ya kira ka a waya ya nemi waɗannan da sunan zai gyara maka matsalar, ka kashe wayar.

Wajen miƙawa, ka je da kanka, kada ka ba yaro ya sa a jaka. Ka tafi da kwafi biyu na wasiƙar. Ɗaya a karɓa, ɗayan a buga masa hatimin makaranta, a rubuta ranar da aka karɓa, mai karɓar ya sa hannu da sunansa, ka dawo da shi gida. In babu hatimi a kusa, sa hannu da suna da rana sun wadatar. Wannan kwafin shi ne zai tsaya maka in an ce ba a ga takardar ba, ko aka sauya ma'aikaci. Saƙon waya yana da amfani don tuni, amma ba ya shiga fayil. Ka kuma zaɓi lokaci: da sassafe ofishin bursa cike yake da iyaye, bayan an shiga aji ya fi samun sukunin zama ya duba. In asusun makarantar mai makaranta ne kaɗai ke ganin alat ɗinsa, abin da ke faruwa a ƙananan makarantu da yawa, to bursa sai ya jira a turo masa ko a je banki a bugo sitetimen, shi ya sa na ba da kwana uku, ba rana ɗaya ba.

Kwafin shugaban makaranta kuma ba ƙara ka kai ba. Hana yaro shiga aji ko rubuta gwaji, da ɗage wannan hanin, yawanci a hannun shugaba yake, ba na bursa ba. In ka miƙa masa kwafin, ka roƙe shi da baki, ko ka ƙara layi ɗaya da biro a ƙasa, cewa a bar yaran a aji har a gama dubawa. Da rasit mai sunan makaranta a hannunka, roƙo ne mai tushe.

To in an duba an ce babu fa? Nan sai ka koma kan rasit ɗin. In abin da ke kai `Pending` ne ko `Processing`, tiransifar ba ta tabbata ba a lokacin da aka buga takardar, kuma mai yiwuwa ta faɗi daga baya, kuɗin suka koma asusun mai POS, ya sani ko bai sani ba. Ku duba tarihin cinikinsa tare, ku nemi layi mai `Reversed` ko `Reversal` na adadin a ranar ko washegari. In ya dawo, kuɗinka suna wurinsa, makaranta ba ta da laifi, sai ya sake turawa a gabanka, wannan karon da sunan yaro. In kuwa `Successful` ne, sunan makaranta ne, kuɗi ba su dawo ba, kuma makaranta ta ce ba su shiga ba, to magana ta zama ta bankuna. Abin lura a nan: kai ba ka da ikon shigar da ƙorafi a kan wannan tiransifa, domin ba daga asusunka ta fita ba. Mai POS ne zai shigar a kamfaninsa ko bankinsa da `Session ID`, ya karɓi lambar ƙorafi, makaranta kuma ta ba nata bankin `Session ID` ɗin ta ce a duba. Amsar bursa a rubuce da ka nema a wasiƙa a nan take amfani, domin ita za a nuna. In sati biyu suka wuce banki bai warware ba, mai asusun yana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, da lambar ƙorafin da aka ba shi.

Akwai hali na uku, wanda wasiƙar nan ba ta magance shi: in ka duba `Beneficiary` ka ga ba sunan makaranta ba ne. In kuskuren lamba ne kuɗin suka tafi ga baƙo, a gaggauta sanar da bankin da ya tura a ranar, kuma makaranta tana da haƙƙin ci gaba da binka. In kuwa sunan wani ma'aikacin makarantar ne, shi ya ba ka lambar, to shugaban makaranta ko mai makaranta za ka rubuta wa kai tsaye, ka haɗa saƙon da aka turo maka lambar a ciki.

Wanda ɗansa ke makarantar gwamnatin tarayya, irin Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Daura, nasa ya ɗan bambanta. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnati, biyan irin waɗannan makarantu ta Remita yake bi, kuma lambar da bursa ke nema ita ce `RRR` mai lamba 12. Ita za a sa a wasiƙa a maimakon `Session ID`, a haɗa rasit ɗin Remita da ke nuna an biya, ba takardar da aka fara fitarwa kafin biya ba, don su biyun sukan yi kama ga wanda bai saba ba.

Ranar da aka ce an gani, kada ka tsaya a kan "an gyara". Karɓi rasit biyu masu lambar jeri da hatimi, ka karanta su a tsaye a wurin: sunan yaro, aji, zango, shekara, adadi da lamba da kuma kalmomi. Ka roƙi a rubuta ranar 15 ga Satumba a matsayin ranar biya, ko da ranar yanka rasit daban ce, domin in makarantar tana cin tarar jinkiri, ranar biya ce za ta cece ka. Sannan ka ce a nuna maka shafin kowane yaro, ko a littafi ko a fuskar kwamfuta, ka ga saura ya koma sifili. Rasit kan fita a manta ba a shigar a shafi ba, sai ƙarshen zango a riƙe katin sakamako. Ka kuma tambaya ko an cire sunayensu daga jerin masu bashi da aka ba malaman aji da mai gadi, don wannan jerin sau da yawa bugu ɗaya ake yi masa, ba a sabuntawa sai an tuna.

Zango mai zuwa, ka tura wa kowane yaro nasa daban, 48,000 daban, 37,000 daban, ko da za ka biya ladan turawa sau biyu. A gurbin `Narration` ko `Remark` ka fara da lambar ɗalibi, sannan suna, sannan aji, saboda sitetimen yakan datse dogon rubutu, farkonsa ne ke tsira. In ta wurin mai POS za ka sake bi, ka tsaya a kansa ya rubuta wannan, ka karanta sunan makaranta a fuskar injin kafin ya danna, ka karɓi rasit ɗin turawa, sannan ka kai shi ofishin bursa cikin kwana biyu a yanka maka na makaranta.